Randar Mairo Ta Je Tasawa

Rijiya goma sha bakwai Ɗan Azumi ya gina da hannunsa tsakanin ƙasar Urafane da ta Mayahi. In ka ce sha shida ce, sai ya zaunar da kai ya jera maka su gari-gari, har da wadda ta rufta da shi yana gaba ashirin cikin ƙasa. Yini guda aka yi ana tono. Da aka jawo shi, ya kakkaɓe rairayi daga gemu ya tambaya ko an dama fura. Irin mutanen da aka yi a lokacinmu ke nan. Mun ci anza shekarar babbar yunwa, a jiƙa ta kwana da kwanaki ana zubar da ruwan ɗaci, mu haɗiya mu tashi mu kama aiki. Ba mu taɓa zama kan bencin lakol muna karatun boko ba, ga mu nan kuma har yau da ƙafafunmu.

Duk wanda ya zauna gindin itacen bedin ƙofar gidansa ya san waɗannan labarai, don ba ya gajiya da ba da su. Abu guda ne ba ya kawowa cikin hira, randar da ke kife a kusurwar ɗakinsa, an lulluɓe ta da tsohon zane.

Matarsa, marigayiya Mairo, maginiya ce. Shekara arba'in da wani abu tana ginin tukwane, kuma a zamaninta babu amaryar da za a kai ɗaki a yankin nan ba da randarta ba. Ana gane aikinta daga nesa. In yumɓu yana da ɗanye sai ta ɗauki guntun igiya murɗaɗɗa ta mirgina shi a jikin randar, layi bisa layi, har zane ya zagaye ta kamar kitso. A kafaɗa kuma ta danna babban yatsanta sau uku. Wannan randa tana cikin gashin tukwane na ƙarshe da ta yi, shekara tara da suka wuce. Sauran duk sun tafi gidajen mutane. Ita kaɗai Ɗan Azumi ya hana, kuma tun da aka fiddo ta daga wuta ko ɗigon ruwa bai taɓa shiga cikinta ba.

Wata ranar bazara, yana kishingiɗe bayan la'asar, jikarsa Ikram ta zo da kayenta na rubutu a hannu. Ɗiyar ɗansa Habibu ce, tana ajin ƙarshe na kolej ɗin garin. Ta durƙusa ta gaishe shi da ladabin da ya wuce na kullum.

"Wagga gaisuwa da kaya a bayanta," in ji shi. "Faɗi abin da ya kawo ki, 'yar lakol."

"Kaka, konkur za a yi a Tasawa."

"Mine ne kuma konkur? Kokowa?"

"Gasa ce. Kolej-kolej na Tasawa da Mayahi za su taru, kowa ya kawo abin da ya ƙera da kayan gida, ba na kanti ba. Ni da ƙawata Biba za mu yi firiji."

Ɗan Azumi ya dubi sama, ya dubi hagu da dama. "Ina kuran ɗin, wutar lantarkin? Ko a aljihunki kika ɓoye shi?"

Ta buɗe kayen ta nuna masa zane. Tukunya ce ƙarama cikin babba, tsakaninsu rairayi. A jiƙa rairayin, a rufe baki da jiƙaƙƙen buhu, a aje a inuwa inda iska ke ratsawa. Ta ce jikin tukunyar waje yana da ƙofofi ƙanana da ido ba ya gani. Ruwa ya biyo ta nan ya fito, iska ta busar da shi, kuma duk ruwan da ya bushe da zafi yake tafiya. Sai abin da ke cikin ƙaramar tukunya ya yi sanyi.

"To randa ta yi gumi ke nan," in ji tsohon. "Wanga shi ne karatun da ubanki ke saida wake shina biya? Kakarki ta san haka tun mushenku, malamin nan naku, bai iya ɗaura wando ba."

"Ta sani, amma ba ta auna ba. Mu aunawa za mu yi."

Sun riga sun gwada da randar uwarta, ta ce, amma ta tsufa, jikinta ya toshe, an kuma shafe gindinta da siminti inda ta tsage. Sun duba kasuwar Urafane, roba da jarkokin bido ne suka cika ta, 'yan tulunan da ke akwai bakinsu ƙarami ne, tukunya ba ta shiga. Suna son sabuwar randa mai faɗin baki, wadda ba ta taɓa aiki ba. Tana faɗin haka ta sunkuyar da kai tana wasa da gefen kayen.

Ya gane. Ya tuna Mairo zaune ta miƙe ƙafa, yumɓu har gwiwar hannu, wannan yarinya tana 'yar shekara biyar tana dangwala yatsa cikin kowace ɗanyar tukunya, Mairo na korarta da zagi irin na kaka tana dariya.

"Ba ni ba ku ta," ya ce daga baya. "Aro ne. Yadda ta hita ɗakin nan, haka za ta koma."

"Wallahi Kaka ko ƙwarzane."

"Kada ki rantse. Rairayin kuma ni zan kawo, don ku yara ba ku san rairayi ba, ƙura kuke kwasowa."

Haka aka yi. Shi da kansa ya kai randar kolej bisa amalanken jaki, an yi mata shimfiɗa da harawa kamar mai jego. Ya je ƙorama ya ɗebo rairayi mai manyan ƙwayoyi, ya wanke shi sau uku har ruwan ya fito fari. Malamin kimiyyarsu, Mushe Rayyanu, saurayi ne ɗan Tasawa, dogo, mai yawan murmushi da yawan faransanci. Ya tsaya yana kallo tsohon ya zuba rairayi a gindin randa har bakin ƙaramar tukunya ya zo daidai da nata, sannan ya cika zagayen, yatsa uku tsakani, yana dannawa da sanda a hankali. Suka ɗora ta bisa duwatsu uku gindin bedi, Ikram ta yi ta zuba ruwa har rairayi ya ƙoshi.

Ɗan Azumi ya tsaya ya ga jikin randar ya fara duhu daga ƙasa, duhun yana hawa, zanen igiya yana fitowa sarai kamar yau aka yi shi. Ya juya ya ce zai je ya duba jakinsa.

Mako biyu suna gwaji, kuma babu ranar da bai leƙa ba. Safe da marece 'yan matan ke ƙara ruwa. Suna da ma'aunin zafi guda biyu, ɗaya a rataye jikin bedi, ɗaya cikin tukunya. Da tsakar rana na waje ya kan nuna arba'in da ɗaya, na ciki ashirin da shida ko da bakwai. Tumatir ɗin da suka bari a kwano a sarari, kwana huɗu ya yi laushi ya fara ruwa. Na cikin tukunya ya kai kwana goma sha biyu da ƙarfinsa. Biba ce mai rubutu, Ikram mai aunawa. Shi kuwa ya kan zauna bisa wani kututture ya ba 'yan kolej labarin rijiyar da ta rufta, har sai an buga ƙararrawa mushe ya zo ya kore su.

Ranar asabar aka sa gasar. Tun talata aka juye rairayin cikin buhu don randa ta bushe ta yi sauƙin ɗauka, Mushe Rayyanu ya ce za ta zauna ofis har alhamis, a sa ta motar kasuwa. Ɗan Azumi ya so ya bi ta, ƙafarsa ta dama ta hana, wadda ta sha dannar ƙasa a rijiya. Amma asabar da hantsi ya sa babbar rigarsa ta shuɗi, ya kira Sirajo mai kabu-kabu, ya hau bayan moto. Hanyar nan ya bi ta a ƙasa sau ba adadi, da igiya da dagi a kafaɗa, lokacin da babu komi tsakanin gari da gari sai gawo da kalgo. Ya yi ta nuna wa Sirajo wurare yana magana, iska na kwashe rabi.

Rana ta kusa tsaka suka isa. Fili ne babba a wata makaranta, an kafa rumfuna layi biyu, cike da yara masu kayan lakol. Ya bi layin yana dogara sanda. Ga waɗansu samari sun liƙe kwali da takarda mai ƙyalli, sun sa baƙar tukunya a tsakiya cikin leda, rana na dafa musu shinkafa. Ga masu bido da aka yanke gindinsa, an jera tsakuwa da rairayi da gawayi, ruwan tabki na shiga ja yana fita garau. Ga 'yan matan Mayahi sun shimfiɗa busasshiyar ciyawa, baƙar leda a kai, suka baza wake suka rufe da leda mai haske, sun ce zafin da ke taruwa ciki shi ke kashe ƙwarin wake har da ƙwansu. Nan ya ɗan tsaya ya gyaɗa kai. Sannan ya ci gaba yana neman jar randa.

Bai gan ta ba. Ikram ya gani, tsaye a rumfar ƙarshe, da Biba, da Mushe Rayyanu a tsugune yana girgiza ma'aunin zafi. A gabansu bisa duwatsu uku ga wani abu yana ƙyalli, sama ruwan lemo, tsakiya fari, ƙasa tsanwa, kalar tutar ƙasa.

Ya tsaya. Ya san wuyan, ya san faɗin cikin. Fenti ne mai mai, irin na ƙofar ƙarfe, an shafa shi da kauri tun daga baki har gindi. Zanen igiya yana nan a ƙarƙashi, ya cushe, da ƙyar ake gane shi.

Ikram ta hango shi, ta taho, ta kasa gaisuwa.

"Wa ya yi wanga aiki?" Murya ƙasa-ƙasa ya yi tambayar.

"Ni ce, Kaka. Ni da Biba. Ran laraba."

"Da izinina, Baba," in ji Mushe Rayyanu, ya miƙe tsaye. "Laifin nawa ne. Bara duk waɗanda suka ci, kayansu da kala suka zo."

"Na ga ta Inna ce," in ji Ikram. Haka take kiran kakarta. "Ban so a aje ta cikin mutane tsirara ba, ana cewa kayan ƙauye. So na yi ta hi komi kyau a wurin nan."

Ɗan Azumi ya buɗe baki, abin da ya zo masa mai zafi ne, ya haɗiye. Ai haka muke. Abin da muke girmamawa shi muke shafa wa kala, ƙofar sabon ɗaki, akwatin amarya, amalanken da aka saya da wahala. Yarinyar ba raini ta yi ba.

Biba ce ta faɗi sauran. Tun bayan sallar asuba suka zuba rairayi suka jiƙa shi, yadda suka saba. Ga shi rana ta yi tsaka, waje arba'in, ciki talatin da bakwai, kuma sai hawa yake. Sun ari ma'aunin wata rumfa, shi ma haka. Alƙalan gasa sun fara daga wancan layi, bayan la'asar za su iso nan.

"Ko iskar garin ce ba ta kai ta gida ba," in ji mushe.

Tsohon ya jingine sanda, ya ɗora tafin hannu a jikin randar. A bushe take ƙamas, da ɗumi kamar goshin mai zazzaɓi.

"Mushe, in na shafe ka da wanga fenti tun daga kai har ƙafa, na tsaida ka cikin bazara, ta ina gumi zai hito maka?"

Mushe Rayyanu ya dubi randa, ya dubi Ikram. Ya kama kansa da hannu biyu ya faɗi wata kalma da faransanci. Shi ya koya musu zancen ƙofofin nan a tabulo, allon aji, da alli mai kala ma.

"A samo isansi, man moto," ya ce da sauri. "Ko kananzir. Shina narkar da fenti, sai mu goge da tsumma, zanen ba ya taɓuwa."

"Yumɓu shan abu gare shi. In ya sha isansi ya sha ke nan. Tumatirinku ya yi warin moto, ruwan da aka zuba mata har abada ya yi warin moto. A'a."

"To mi za a yi, Baba?"

Ɗan Azumi ya san amsar tun kafin a tambaya. Kankarewa. A bi fentin da wuƙa, a bi da tsingaro da jiƙaƙƙen rairayi, har a cire fatar yumɓun da ta sha shi. Zanen Mairo kuwa a fatar yake, zurfinsa bai kai ƙwayar gero ba. In fenti ya tafi, tare za su tafi.

Ikram ma ta gane, don ta ga inda yake kallo.

"Kaka, a bar ta haka," ta ce. "Muna da kaye, duk abin da muka auna shina ciki. Mu nuna musu rubutu. In ba su yarda ba shi ke nan. Zanen dai shina nan ƙarƙashi, in mun koma gida ka riƙa taɓa shi."

"Ba a ba da maki a kan kaye kaɗai," Biba ta faɗa a hankali. "Sun ce sai abu ya yi aiki gabansu."

"To kada su ba da."

Tsohon ya zauna bisa bencin da ke rumfar. Hayaniyar yara ta yi masa nisa. Ya tuna safiyar da ake buɗe gashi a bayan gari, toka da sauran ɗumi, Mairo tana bin tukwane ɗaya-ɗaya tana ƙwanƙwasawa da yatsa tana saurare. Wata shekara ta fiddo wata randa kyakkyawa, zane ya zauna mata kamar a sa a gaba a yi ta kallo. Ta ƙwanƙwasa, ta ji muryar ba ta yi mata ba. Ta ɗaga ta ta maka da ƙasa. Shi ya yi tsalle yana cewa ai da an aje ta ko don kallo. Ta ce masa, "Malam, kai in ka gina rijiya ba ta kawo ruwa ba, aje ta kake don kallo?"

Shekara tara ke nan yana aje da randarta a kife don kallo. Da tana nan, da ta faɗa masa magana.

"Biba, je ki bakin katangar can ki tsinto mini tsingaro, masu kauri, guda huɗu. Mushe, kana da wuƙa?"

"Kaka," in ji Ikram.

"Ke kuma matso da buhun rairayi ki daina yi mini kallon maraya. Ni da ƙasa ta haɗiye ta amayar, fenti zai gagare ni?"

Ya tuɓe babbar riga ya ninke, ya tsuguna gaban randar. Ya ce kada a juye komi, a bar ta da rairayinta da ruwanta. Ya sa wuƙa ya ɗago fentin, ya ɓare kamar ɓawon rogo a inda ya yi kauri. Sannan ya dangwali jiƙaƙƙen rairayi da tsingaro ya fara gurzawa, zagaye-zagaye, ba da ƙarfi ba. Layin farko na zanen ya bi jan gari ya zubo bisa ƙafarsa. Bai tsaya ba. Da ya ɗaga hannu, ga fili kamar tafin yaro, jan yumɓu sumul. Suna kallo wurin ya yi duhu, ya yi damshi, don tun safe ruwan ke tsaye a bayan fenti yana neman hanya.

"Ga ta nan," ya ce. "Ku kama. Kada wanda ya danna, kaurinta yatsa guda ne, na san hannun mai ita. In kun ga ja ya yi duhu, ku matsa gaba."

Su huɗu suka zagaye ta. Mushe Rayyanu ya naɗe hannun farar rigarsa, cikin ɗan lokaci ta koma ja. Yaran rumfunan kusa suka taru suna kallo, wani cikin masu shinkafar kwali ya ce 'yan ƙauye sun zo da abu suna ɓata shi da kansu. Ɗan Azumi ko ɗaga kai bai yi ba.

"Gaya wa wancan mai dafa shinkafa a kwali, in ta nuna kahin magariba ya kawo mini in ɗanɗana, ni haƙorana ba su son tsaba."

Aka yi dariya. Ikram ba ta yi ba. Tana gurzawa hawaye na sauka a haɓarta, tana sharewa da kafaɗa.

"In kuka za ki yi, matso ki yi shi cikin rairayi, ruwa muke nema," in ji shi.

Sun fi awa guda a kai. Tsanwa ta tafi, fari ya tafi, kitson Mairo ya tafi layi bayan layi. Da suka iso kafaɗa, hannun Ikram ya zo kan gurbin yatsa uku, sai ta tsaya.

"Mushe, in muka bar nan da fentinsa fa? Su taɓa nan, su taɓa can, su ji bambanci da hannunsu."

Mushe Rayyanu ya ce wannan shi ne gwaji na gaskiya, abu guda, wuri biyu. Ɗan Azumi ya dubi jikarsa. Ya san ba don alƙalai kaɗai ta faɗa ba.

"Faɗin tahin hannu," ya ce. "Kada ya wuce haka."

Suka ɗauraye jikin randar, suka ƙara wa rairayi ruwa, suka sake jiƙa buhun rufi. Tsohon ya sa aka ɗage zanan da ya tare bayan rumfar don iska ta ratsa. Daga nan babu abin yi sai jira. Ya je ya yi azahar, ya dawo ya zauna. Biba na leƙa ma'auni duk bayan rabin awa tana rubutawa. Talatin da shida. Talatin da huɗu. Ya hana ta yawan buɗewa, ya ce mai yawan leƙa tukunya shi ke cin ɗanye.

Bayan la'asar alƙalai suka iso, maza biyu da wata madam mai tabarau. Na jikin rumfa arba'in da ɗaya, na cikin tukunya talatin da ɗaya. Madam ta duba kayen ta ce ai nan ashirin da shida aka rubuta. Ikram ta tsaya ta faɗi komi, ba ta rage ba, fentin da suka shafa, abin da ya toshe, lokacin da aka gama kankarewa, da cewa sanyin bai gama sauka ba. Sannan ta roƙe ta ta taɓa. Madam ta ɗora hannu a jan yumɓu, sanyi da damshi. Ta ɗora a kan fentin kafaɗa, a bushe. Ta sake komawa, ta kira sauran biyun su ma su taɓa.

"Wa ya gano fentin ne?" ta tambaya.

"Kakana."

Madam ta juyo ta gaida shi da girmamawa. "Baba, ina aka yi karatu?"

"Gaba ashirin cikin ƙasa," in ji Ɗan Azumi. Ya gyara zama zai fara daga rijiya ta farko, mushe ya yi sauri ya ce alƙalai na da sauran aiki.

'Yan matan Mayahi masu wake su suka zo na ɗaya, kuma sun cancanta, kowa a ƙasar nan ya san abin da ƙwaro ke yi wa rumbu. Ikram da Biba na uku. Aka ba su takarda mai hatimi da littattafai. In ka ji labarin a bakin Ɗan Azumi yanzu, ba za ka ji zancen na uku ba. Zai ce maka dai kolej goma sha biyu suka taru da malamansu, aka rasa mai gane ciwon randa sai shi.

Ran lahadi motar kasuwa ta maido ta. Ikram ta rako ta har ƙofar ɗaki, ta ɗauko tsohon zanen nan za ta lulluɓa.

"Na ce yadda ta hita haka za ta koma," ta ce, ba ta dube shi ba. "Ban cika ba."

"Ni na ce, ba ke ba. Aje zanen."

Ya sa ta wanke cikin randar tas, suka kafa ta bisa gammo a zaure, wajen da iska ke shigowa ta ƙofa ta fita ta taga. Ta yi sawu uku rijiya kafin ta cika. Rijiyar ma tasa ce, ta tara a lissafi.

Washegari da azahar ya dawo daga masallaci ya buɗe faifan da ke bakinta. Jikinta ja ne sumul, duk ta jiƙe, babu zane ko layi guda, sai ɗan fili mai ruwan lemo a kafaɗa. Ya sa babban yatsansa cikin gurbi na tsakiya, ya yi masa kaɗan, kamar yadda ya saba yi masa. Ya ɗebi ruwa a moɗa ya sha har ya ji sanyin a haƙoransa huɗu da suka rage. Ya ƙara rabin moɗa. Sannan ya leƙa waje ya kira tsofaffin da ke gindin bedi, ya ce kowa ya zo da bakinsa ya ji yadda ruwa yake a da.